Takarda Kafin Taro, da Ranar da Ake Rufe Karɓar Gyara

 Gaisuwa ga manoma da makiyaya na gundumomin Tasawa da Mayahi, tun daga Hawan Dawaki da Korgom a kudu har Urafan, tun daga Kanambakashe har Gidan Amumun da Mairairai. Iyayenmu mata da ke sussuka suna saurarenmu, sannunku da aiki. Shirinmu na yau na ƴan ƙungiya ne, musamman shugabanni da sakatarori, kuma magana ɗaya ce za mu juya: yadda ake raba takarda kafin babban taro, a ce kowa ya karanta ya aiko da gyaransa, a yanke ranar da za a rufe karɓa, kuma a rufe ɗin da gaske.

Duk wanda ya taɓa zama taron ƙungiya ya san yadda abin ke tafiya. An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha ɗaya. Sakatare ya miƙe da takarda mai shafi goma sha biyu da Faransanci, yana karantawa wani yana fassarawa. Kafin a kai shafi na biyar an kira azahar. Bayan salla da abinci wakilan nesa sun fara duban rana, don mai babur ba zai jira su har dare ba. Sai shugaba ya ce, "Jama'a, an yarda?" A ce an yarda, a tafa, a watse. Bayan wata biyar, ranar da aka zo buɗe mangaza, sai ka ji wani yana rantsuwa cewa shi bai taɓa jin wannan ƙa'ida ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba. An karanta ta a gabansa, amma lokacin hankalinsa na kan hanyar gida.

Doka ma ba ta yarda a yi wa ɗan ƙungiya irin wannan shammata ba. Ƙungiyoyin koferatif na Nijar suna tafiya ne bisa dokar bai-ɗaya ta OHADA, wadda aka amince da ita a birnin Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta fara aiki a 2011. Ita ce ta kawo ƙaramar koferatif da ake kira SCOOPS, wadda mutum biyar ke iya kafawa, da babba mai majalisar gudanarwa da ake kira COOP-CA. A tsarinta kowane mamba murya ɗaya gare shi, ko buhu ɗaya ya kawo ko hamsin. Kuma a SCOOPS ana sanar da mambobi taro aƙalla kwana 15 kafin ranar, a gaya musu abin da za a tattauna. To kwana goma sha biyar ɗin nan ba don mutum ya wanke riga aka ba shi ba. An ba shi ne don ya san abin da zai ɗaga hannu a kansa. Sai dai kira taro daban, samun ra'ayin mutane kafin taro daban, kuma na biyun ne yawancinmu ba mu iya ba.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ba wata ƙungiya takamaimai nake nufi ba, amma duk wanda ke warantaji zai gane ta. Ga wanda bai sani ba, warantaji shi ne a tara amfanin gona da kaka a mangaza, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya hannun ƙungiya ɗaya hannun asusun da ya ba da bashi. Asusu ya ba manomi wani kaso na darajar kayansa ya yi sana'ar rani, in ya biya a buɗe ya ɗauki kayansa lokacin da farashi ya ɗaga. Tsarin ya bazu a Nijar tun wajen 1999 ta hanyar wani shiri na hukumar FAO, kuma jihar Maraɗi na cikin inda ya samu karɓuwa. Mu ce gamayyar ƙungiyoyi takwas ce, a ƙauyuka takwas da ke gefen Gulbin Kaba, suna son gyara ƙa'idojin mangazarsu kafin a fara zuba kayan bana. An tsayar da taro ranar Alhamis 23 ga Oktoba.

Abu na farko, ba daga yau ake ƙirga kwanaki ba, daga ranar taro ake ƙirgowa baya. Sakatare ya tambayi kansa: in gyare-gyare sun zo, kwana nawa nake bukata in tattara su, kwamiti ya zauna a kansu, a je a tambayo abin da sai an tambaya, a sake rubuta takarda? A misalinmu mako guda ne. Saboda haka ranar rufewa ta zama Alhamis 16 ga wata. Daga nan ya sake ja baya: kwana nawa mutanen ƙauye ke bukata? Ni a ganina kada a yi ƙasa da mako biyu, kuma ga dalili. Cikin mako biyu kowace kasuwa ta ci sau biyu, an kuma yi Juma'a biyu. A ƙasarmu saƙo a kasuwa yake tafiya, a kasuwa yake dawowa. Kasuwar farko ta kai takarda, ta biyu ta dawo da amsa. In ka ba da kwana biyar, ka ba mutanen cikin gari ne kawai, waɗanda ke da waya mai caji da ɗa ɗan lakwal a gida. Don haka takarda ta fita ranar Alhamis 2 ga Oktoba, tare da kiran taro, kwana 21 kafin ranar. An cika sharaɗin doka har da rara.

Kuma a faɗi lokaci, ba rana kaɗai ba. "Zuwa tsakiyar wata" ba wa'adi ba ne. "Kafin taro" ma ba wa'adi ba ne, don wanda ya tare ka a ƙofar zauren taro da gyaransa shi ma kafin taro ya zo. A ce ranar Alhamis 16 ga Oktoba, da kiran sallar magariba. Magariba ta fi ƙarfe shida, domin babu mai cewa agogonsa ya tsaya.

Abu na biyu, me ake nufi da "a karanta" a ƙungiyar da mafi yawan mambobinta ba su yi boko ba? Nan ne sakatarori da yawa ke yaudarar kansu. Sun buga takarda da Faransanci, sun miƙa wa shugaban ƙauye, ya naɗe ta ya sa a aljihun riga, su kuma sun rubuta a littafi cewa an raba. Takardar da za a nemi ra'ayi a kanta a fassara ta da Hausa, da boko, kuma in akwai mai iya juya ta da ajami a yi, don a ƙauyukanmu mai karanta ajami ba ya wuyar samu. Kowace ƙungiya ta ɗauki mutum ɗaya mai karatu, malamin lakwal ne, malamin yaƙi da jahilci ne, ko wani matashi, a sa rana a zauna ya karanta a fili, ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa ana magana. Wanda ke da waya a aika masa da muryar wani yana karantawa, amma a gutsuttsura, kowace ƙa'ida da muryarta, don ba mai sauraren saƙon minti ashirin yana cikin girbin wake. Mata kuma a ba su zamansu daban, da hantsi ko bayan la'asar, yadda suka zaɓa. In aka haɗa su da maza a ƙofar mai gari bayan isha'i, za a rubuta cewa mata ba su da gyara, alhali gyaran na nan cike da bakinsu.

Kada kuma a tura wa mutane shafi goma sha biyu a ce su faɗi ra'ayinsu. Wanda aka ce masa ya yi magana a kan komai ba zai ce komai ba. A sa wa kowace ƙa'ida lamba, a ja layi ƙarƙashin waɗanda aka canza, a ce ga inda muke son jin bakinku. Ga yadda sanarwar za ta iya kasancewa, sakatarori ku saurara:

"Zuwa ga ƙungiyoyi takwas na gamayya. Ga daftarin ƙa'idojin mangaza, bugu na farko, na ranar 2 ga Oktoba. Za a yanke shawara a kansa a taron Alhamis 23 ga Oktoba. Ƙa'idoji uku ne aka canza: ta 4, mafi ƙarancin abin da mutum zai ajiye, ta 7, irin buhun wake, ta 9, ranar biyan bashi. Ku zauna a karanta muku. Mai gyara ya faɗi lambar ƙa'ida, abin da bai yarda da shi ba, da abin da yake son a sa a madadinsa. A kai wa sakataren gamayya, a rubuce ko da murya ta waya. Za a rufe karɓa ranar Alhamis 16 ga Oktoba da kiran magariba. Abin da ya zo bayan haka ba zai shiga bugu na biyu ba. Ƙungiyar da ba ta da gyara ita ma ta aiko ta ce ba ta da shi."

Ku lura da jimlar ƙarshe. Ba a ce wanda ya yi shiru ya yarda ba. Shiru a ƙasar nan yana da ma'ana da yawa: ko takarda ba ta isa ba, ko ta isa ba a karanta ba, ko an karanta ana jin nauyin shugaba. Sakataren da ya ɗauki shiru a matsayin yarda zai gamu da shirun nan ranar buɗe mangaza, ya zama hayaniya. Ku lura kuma an ce a kai wa mutum ɗaya. In wani ya gaya wa shugaba a wurin suna, wani ya gaya wa ma'aji a kasuwa, wani ya tura wa malamin gona, to rabin gyaran ya ɓace a hanya, kuma kowa zai rantse ya faɗa. Mutum ɗaya, littafi ɗaya. Duk gyaran da ya zo a rubuta ranar zuwansa, daga wace ƙungiya, a kan wace lamba, sannan a mayar wa mai shi da amsa cewa an karɓa.

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan raba takarda kafin taron ƙungiya da ranar rufe karɓar gyara. Yanzu mu ga abin da mako biyun nan ya haifar a misalinmu.

A ƙa'ida ta 4 daftari ya ce mafi ƙarancin ajiya buhu ɗaya ne. Buhun hatsi mai kilo 100 kusan tiya 40 ke nan. Matan ƙauye biyu suka aiko cewa abin da mace ke samu a gamanarta sau da yawa bai kai haka ba, wata tiya 15 gare ta, wata 20, don haka ƙa'idar ta fitar da su waje ba tare da ta ambaci sunansu ba. Suka ce a yarda mata biyu ko uku su haɗa buhu, a rubuta tiyar kowa a littafi. Wannan gyara ne da kwamiti zai iya sawa a bugu na biyu kai tsaye, taro ya tabbatar. A ƙa'ida ta 7 wata ƙungiya ta ce duk waken da zai shiga mangaza a sa shi a buhun nan mai ruɓi uku da ke hana ƙwaro numfashi, don buhun mutum ɗaya mai ƙwaro yana ɓata na maƙwabcinsa. Wata ƙungiyar ta ce buhun da tsada, ba kowa zai iya ba. Nan ra'ayi ya rabu biyu, kuma ba aikin sakatare ba ne ya zaɓa. Sai ya rubuta su gefe da gefe, ya kai taro a ƙidaya hannu.

Ta 9 ce za ta nuna mana amfanin ranar rufewa. Daftari ya ce a biya bashi ƙarshen Afrilu. Ƙungiyoyi uku suka ce a kai shi ƙarshen Mayu, don masu turkar raguna ba su sayar ba, ƴan ci-rani ma ba su gama dawowa ba. Magana ce mai kyau, amma ba gamayya kaɗai ke da ita ba, akwai mai kwaɗo na biyu. Dole wani ya hau babur ya je gari ya tambayi asusu: kun yarda da ƙarin wata ɗaya, kuma nawa zai ci? Mu yi lissafi da alƙaluman misali. A ce buhun hatsi jika 20 ne da kaka, asusu na ba da kashi 80 cikin 100, wato jika 16. A ce kuɗin ruwa kashi 2 cikin 100 ne a wata. Ƙarin wata ɗaya ya zama sefa 320 a kan kowane buhu, dala 64 ke nan. In kuɗin ajiya dala 20 ne a wata, an koma dala 84. Ga kuma wata tambayar da lissafi ba ya amsawa: in ruwan shuka ya sauka da wuri, mai irinsa a kulle cikin mangaza yaya zai yi? Da wannan a hannu, ranar taro shugaba zai ce, "Jama'a, asusu ya yarda, ga abin da zai ƙaru a kan buhu, ga kuma haɗarin da ke ciki, me kuka gani?" Minti goma an gama. Amma da gyaran nan ranar taro ya fito, ba wanda ya san amsar asusu, ba wanda ya yi lissafi. Ko dai a ɗage taro, mutane su sake biyan kuɗin babur, ko a yanke abin da asusu zai zo ya ƙi. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To yanzu ga inda ake gane ko wa'adi na gaske ne. Ranar Asabar 18 ga wata, kwana biyu bayan rufewa, sai ga wani babba ya aiko. Wataƙila Alhaji ne da ya fi kowa buhu a mangaza, wataƙila ɗan'uwan mai gari ne, wataƙila ma shi ya ba da filin da aka gina mangazar. Sakatare yaro ne a gabansa. Na san nauyin abin, kuma ba zan ce da sauƙi ba. Amma in aka buɗe masa, wakilin ƙauyen nesa da ya kashe kuɗin mai ya kawo nasa ranar Laraba ya koyi darasi: wa'adi na talaka ne. Baɗi ba wanda zai yi sauri. Akwai hanyar da ba ta ci mutuncin kowa ba. Sakatare ya je da kansa, ya gaisa, ya ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa, na rubuta a littafi da ranar da ya zo. Bugu na biyu ya riga ya rufe bisa abin da aka sanar wa kowa, amma ranar taro akwai lokacin magana a kan wannan ƙa'ida, za a ba ka ka faɗa da bakinka." Kuma shugaba ya tsaya bayan sakatarensa. In shugaba ne da kansa ke cewa "haba, a sa masa mana," to kada a ga laifin yaro.

Wannan ya kawo mu ga iyakar wa'adi, don kada wani shugaba ya ji shirin nan ya mai da shi sanda. Ranar rufewa tana rufe shiga takarda ne, ba ta rufe bakin ɗan ƙungiya a taro. Babban taro shi ke da iko, kuma mamba yana da damar magana da ɗaga hannu ko ya aiko da gyara ko bai aiko ba. Bambancin kawai shi ne wanda ya aiko da wuri an yi masa bincike da lissafi, maganarsa ta zo da ƙafafunta, wanda ya makara kuwa sai ya shawo kan jama'a da fatar baki. Sannan in laifin daga sama ne, misali takarda ba ta isa wani ƙauye ba sai ranar 12 ga wata, ko an yi rasuwa babba da ta hana zama, to ana iya ƙara kwana. Amma a ƙara wa kowa, a sanar a fili, sau ɗaya, kuma a duba ko ranar taro ma sai ta matsa. Ƙari a ɓoye ga mutum ɗaya shi ne ke kashe tsari.

Yaya kwamiti zai gane abin bai tafi daidai ba tun kafin ranar rufewa? Littafin sakatare zai gaya masa. Bayan mako na farko a buɗe a duba. In duk gyaran daga ƙauyukan bakin hanya yake, na cikin tudu ba su ce uffan ba, takarda ba ta isa ba, a kira su. In ƙungiyoyi huɗu sun aiko da magana iri ɗaya kalma da kalma, mutum ɗaya ne ya zagaya ya rubuta musu. In ba muryar mace ko ɗaya, ba a yi zaman mata ba. In kuma duk abin da ke zuwa shi ne "mun gode, Allah ya saka," ba a karanta ba ke nan. A tunatar sau biyu: bayan mako guda, da kuma ana jibi za a rufe. Gidajen rediyon karkara na karɓar irin wannan sanarwa, haka ma mai shela a kasuwa.

Daga Juma'a 17 zuwa Lahadi 19 sakatare ya jera gyare-gyare ƙarƙashin lambobinsu. Litinin 20 kwamitin gudanarwa ya zauna, a gayyato ƴan kwamitin sa ido su shaida cewa ba a ɓoye na kowa ba, wanda aka aika asusu ya kawo amsa. Talata 21 a fitar da bugu na biyu, a rubuta "bugu na biyu" da kwanan wata a samansa da manyan baƙaƙe, don kada ranar taro rabin mutane su riƙe tsohuwar takarda ana gardamar abin da aka riga aka gyara. Gyaran da kwamiti bai ɗauka ba shi ma a karanta shi a taro, a faɗi dalili. Mutumin da ya ji an ambaci maganarsa, ko da an ƙi ta, zai sake aikowa baɗi. Wanda tasa ta nutse ba labari ba zai ƙara wahalar da kansa ba. Ranar Alhamis kuma ba za a sake karanta shafi goma sha biyu ba. A ɗauki lamba 4, lamba 7, lamba 9, a yanke, a rubuta sakamako, wakilan nesa su kama hanya da sauran rana.

Shugabanni da sakatarorin ƙungiyoyin Tasawa da Mayahi, in kuna da taro a gabanku kafin zuba kayan bana, ku ɗauki kalanda yau ɗin nan ku ƙirgo kwana 21 baya daga ranar taron, ku sa ranar rufewa da lokacinta, ku faɗi sunan mai karɓa. Ku kuma ƴan ƙungiya, maza da mata, in takarda ta zo ƙauyenku ku matsa a karanta muku, ku aika da gyaranku kafin magaribar da aka yanke. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.